Jadawalin kalmomi na fassarar Italiyanci: “zama” ta rikita mana babi bakwai

Maman Hanifa:
Salamu alaikum ’yan uwa. Ina neman shawara daga waɗanda suka taɓa doguwar fassara. Mu uku muke juya wani littafin jagora daga Italiyanci zuwa Hausa, na wata ƙungiya da ke taimakon baƙi a Italiya. Babi 14 ne, shafi wajen 180, tun daga neman takardu har asibiti, haya, aiki da makarantar yara. Mun raba babin a tsakaninmu, kowa ya kama nasa, ba mu tsaya yin jadawalin kalmomi ba don muna ganin ai duk mun iya. Jiya na haɗa babi bakwai da aka gama na karanta a jere, sai da kaina ya yi ciwo. A babi na 2 na sa “izinin zama” a matsayin `permesso di soggiorno`. Abokin aikina a babi na 5 ya sa “takardar zama”. Wannan da sauƙi. Abin da ya tayar min da hankali shi ne a babi na 6 ta ukunmu ta fassara `certificato di residenza` da “takardar zama” ita ma. Wato takardu biyu daban, ofis biyu daban, suna ɗaya a Hausa. Yanzu ta ina zan fara? In tsayar da aikin mu yi jadawali, ko mu ƙarasa sannan mu gyara gaba ɗaya?

Sarkin Gaggawa:
Wa alaikumus salam. Hajiya wannan ai ba abin damuwa ba ne. Ki buɗe Word, ki danna `Ctrl+H`, duk inda “takardar zama” take ki mayar da ita “izinin zama”. Minti biyu an gama.

Maman Hanifa:
Malam da haka ne da ban zo nan ba. In na yi haka, na babi na 6 ma za su koma “izinin zama”, alhali can ba izini ake nufi ba. Kuskuren zai ƙara nutsewa ne ma, don yanzu aƙalla ina ganinsa.

Sarkin Gaggawa:
Au, haka ne fa. Na janye.

Baba Tafinta:
Ki tsayar da aikin, ’yata. Ba sai kin tsayar na mako guda ba, kwana biyu sun isa, amma kada wani ya ƙara rubuta layi ɗaya kafin ku zauna. Na yi shekaru ina tafinta a ofisoshin Italiya kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma wannan “zama” ɗin na san ta sarai.

Matsalarku ba ta rashin iya Hausa ba ce. Italiyanci yana da kalmomi huɗu a wurin da mu muke da ɗaya, kuma kowace tana da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. `Soggiorno` zaman baƙo ne a ƙasar da yardar hukuma, takardarsa a questura ake bayar da ita, wato hedikwatar ’yan sanda ta lardi. `Residenza` kuwa ba ruwanta da ’yan sanda. Rajista ce da mutum yake yi a comune, wato hukumar gari, a ofishin da suke kira anagrafe, cewa ga gidan da yake zaune a kullum. Bayan ya rubuta sunansa, jami’an gari suna da kwana 45 su zo su duba ko da gaske yana gidan. `Domicilio` shi ne inda mutum ya kafa harkokinsa, kuma yana iya bambanta da inda ya yi rajista. Sashe na 43 na dokar farar hula ta Italiya shi ya raba waɗannan biyun. Sai `dimora`, inda kake kwana a yanzu, ko da na wata ɗaya ne.

Ki duba abin da zai faru da mai karatu. Baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba, in zai nemi zama ɗan ƙasa ta hanyar daɗewa, shekara 10 na `residenza` ake nema a gare shi. Mutum na iya riƙe izinin zama shekara da shekaru, amma ya tashi daga wani gari bai yi rajista a sabon ba, aka goge sunansa a tsohon, lissafin ya yanke. In littafinku ya ce masa “shekara 10 na zama”, zai ƙirga daga ranar da ya karɓi katinsa a questura ya kwanta da murna. Na ga idon wanda aka faɗa wa haka a gaban teburi, ba na so in sake gani.

Saboda haka kada ku yi jadawalin kalma da kalma. Kowane layi ya zama na abu ɗaya: mene ne shi, wane ofis ke bayarwa, me mai karatu zai yi da shi. Sunan Hausa daga baya yake zuwa.

Maman Hanifa:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To wane suna za ka ba `residenza`? Mun gwada “mazauni”, mun gwada “adireshi”, duk ba su zauna min ba.

Baba Tafinta:
Ni “rajistar mazauni” nake cewa, don kalmar rajista ita ke tura mutum ofis. “Mazauni” kawai, zai ce ai ina da mazauni, ga ɗakina. Wanda ya yi ta kuma “mai rajistar mazauni”. Takardar da ta ruɗa ku a babi na 6 sai ta zama “shaidar rajistar mazauni”. Ta yi tsawo, na sani, amma ba ta kama da izinin zama ko a kunne. `Domicilio` ina ce masa “adireshin harka”. Wannan ban gama gamsuwa da shi ba har yau, in wani yana da mafi kyau ya kawo.

Malama Binta BUK:
Ni ina ganin “adireshin saƙo” ya fi saurin shiga, tunda galibi abin da ake nufi a fom ke nan, inda za a aiko maka da wasiƙa.

Baba Tafinta:
A fom haka ne, Malama, sau da yawa. Amma a babin asibiti za su ci karo da `domicilio sanitario`, inda ɗalibi ko ma’aikaci ke zaɓar likita na wucin gadi a garin da yake aiki ko karatu ba tare da ya canza rajistarsa ba. Can babu maganar saƙo. Shi ya sa nake cewa a tara duk wuraren da kalma ta fito a littafin kafin a raɗa mata suna. Wanda ya ga babi ɗaya kawai, sunan babi ɗaya zai raɗa.

Malama Binta BUK:
Na karɓa. To amma ƙa’idar da muke koya wa ɗalibai tana nan: kalma ɗaya a harshen asali, kalma ɗaya a harshen fassara, daga bango zuwa bango. In aka riƙe wannan, babu ruɗani.

Injiniyan Kalmomi:
Malama rabin ƙa’idar na yarda da shi. Maman Hanifa, buɗe babin aiki a littafinki, inda ake bayanin takardar albashi, `busta paga`. Na tabbata za ki ga `ferie e permessi`. Wannan `permessi` ɗin jam’in `permesso` ne, amma awannin da ma’aikaci ke da haƙƙin ɗauka ya bar aiki ake nufi, ba katin questura ba. In an bi kalma ɗaya fassara ɗaya, za a rubuta wa mutum cewa ya tara izinin zama na awa kaza a wata. Haka `residenza` tana fitowa a `residenza universitaria`, masaukin ɗalibai ne kawai, gini ne. Abin da ya kamata ya tsaya cak shi ne ma’ana ɗaya suna ɗaya. Kalma ɗaya tana iya cin layi biyu ko uku a jadawali, kowane da babin da yake fitowa.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Na duba yanzu, babi na 9, yana nan kamar yadda ka faɗa. Allah ya so ba a kai ga babin ba.

Malama Binta BUK:
To ai abin da nake nufi ke nan, ma’ana. Bakina ne ya gajarta.

Injiniyan Kalmomi:
Mun yafe, Malama. Bari in faɗi yadda ni nake tsara nawa, don na yi irin wannan aikin mu huɗu. Ban fara da manhaja mai tsada ba. Tebur ɗaya ne a Google Sheets da kowa ke gani, kuma kwafi ɗaya tak. Ranar da wani ya sauke nasa ya ci gaba da gyarawa a kwamfutarsa, ranar jadawali ya zama biyu, an koma gidan jiya.

Gurbin farko kalmar Italiyanci yadda take a ƙamus, tilo. Na biyu sunan Hausa da aka amince. Na uku bayani cikin jimla ɗaya, da ofishin da abin ya shafa. Na huɗu jimlar da kalmar ta fara fitowa da lambar babi. Amma gurbin da ya fi yi mana amfani shi ne na biyar, wanda na sa wa suna “an ƙi”. A nan muke rubuta sunayen da aka gwada aka yar, da dalili. Misali a layin `permesso di soggiorno` za ki rubuta: an ƙi “takardar zama”, don tana kama da shaidar rajistar mazauni. Amfaninsa biyu. Bayan wata uku in wani ya zo da “sabuwar shawara”, sai a nuna masa an riga an bi ta nan. Na biyu, wannan gurbin shi ne jerin abin da za ki yi farauta da shi a babin da aka gama.

Kada kuma ku cika shi. Namu na farko ya kai layi ɗari huɗu da wani abu, har `lavoro` da `casa`, wato aiki da gida, mun saka, ba wanda yake buɗe shi. Da muka rage zuwa abin da ke da ofis, ko wa’adi, ko kuɗi, ko hukunci a bayansa, sai ya dawo ƙasa da ɗari da hamsin, aka fara amfani da shi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni tambayata daban ce. Wace Hausa kuke rubutawa? Don na ga ana ta “ƙaramar hukuma” a irin waɗannan takardu in ana nufin `comune`. Mutumin Damagaram ko Tawa da ya ratsa Agadas ya haye, ba haka yake cewa ba. Mu ofishin magajin gari muka sani, wasu ma lameri za su ce. Kuma yawancin masu Hausar da ke can ba daga Kano suka tashi ba.

Yaron Zango:
Gaskiya ne ɗan uwa. Ni ɗan Kumasi ne, shekarata tara a Brescia. A nan ba wanda zai ce maka izinin zama. Sojorno muke cewa. “Sojornona ya ƙare”, “zan je kwestura”, “na yi residensa a komune”. Ɗan Nijar, ɗan Gana, ɗan Nijeriya, duk haka muke magana in mun haɗu a masallaci ran Juma’a. In kuka ba ni littafi da “hedikwatar ’yan sandan lardi” zan tsaya in yi tunani, in kuka ce kwestura na san har bas ɗin da zan hau. Ni a ganina ku bar kalmomin yadda muke faɗinsu kawai, a huta.

Malama Binta BUK:
In an bar komai da Italiyanci, me aka fassara ke nan? Littafin ai na sabon zuwa ne, wanda bai san sojorno ba balle residensa. Kai ka shekara tara, ba kai ake rubuta wa ba.

Yaron Zango:
Anti, sabon zuwa kwana uku yake yi ya koyi kwestura, don nan ne wurin farko da ake aika shi. Kuma a bakin ƙofar ba a rubuta da Hausa ba.

Baba Tafinta:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, kuma jadawalin zai iya ɗaukar ku duka. Ni ga yadda nake rabawa. Abin da mutum zai gani a allon ƙofa, ko a saman takarda, ko zai furta a gaban ma’aikaci, a bar sunansa na Italiyanci da rubutunsa na asali, don ya iya gwada harafi da harafi: `Questura`, `Prefettura`, `codice fiscale`, `tessera sanitaria`. Sai a haɗa shi da bayanin Hausa a farkon fitowarsa a kowane babi. Na ce kowane babi, ba sau ɗaya a littafi ba, don irin wannan littafin ba wanda ke karanta shi daga farko. Mai ciwon haƙori babin asibiti zai buɗe. Abin da kuma fahimta yake nema, kamar haƙƙi, wa’adi, sabuntawa, ƙin amincewa, wannan a ba shi Hausa tsantsa. Sai ku ƙara gurbi ɗaya da ke cewa “a bari” ko “a fassara” ko “duka biyu”, don kada kowa ya yanke nasa.

`Prefettura` ma ku kula da ita. Ofishin wakilin gwamnatin tsakiya ne a lardi, a can sashen shige da fice yake da ke ba da `nulla osta`, wato takardar amincewa ta kawo iyali. Na taɓa ganin fassarar da ta kira ta da questura duka “ofishin hukuma”. Mutum ya kwana a layin da ba nasa ba.

Ɗan Damagaram:
Baba ba ka amsa tawa ba. `Comune` fa?

Baba Tafinta:
Ban amsa ba don ba ni da amsa mai daɗi. “Ƙaramar hukuma” tana kawo wa ɗan Nijeriya hoton da ya kusa, “ofishin magajin gari” tana kawo wa ɗan Nijar. Da ni ne, `Comune` zan bari, in yi bayani da “hukumar gari, ofishin magajin gari”, tunda shugabanta `sindaco` magajin gari ne a Hausar rediyo ma. Amma masu littafin su suka san wa za su raba wa.

Maman Hanifa:
Zan tambaye su gobe. Abin da na sani, sun ce mafi yawan masu zuwa wurinsu ’yan Nijar ne da ’yan Gana. Ɗan Damagaram, kada ka yi nisa, zan turo maka jerin ka duba min da kunnen can.

Ɗan Damagaram:
Ina nan Hajiya. Ki haɗa da maganar ƴ da ’y, don mu da ƙugiya muke rubutawa.

Injiniyan Kalmomi:
Yawwa, ka taɓo inda ya taɓa cizona. Duk wanda kuka zaɓa, ku zaɓi ɗaya ku rubuta shi a saman jadawali. Ba don kyau ba, don bincike. Kwamfuta ba ta san “ƴan” da “’yan” abu ɗaya ba ne. Ko alamar da ke gaban y ɗin iri biyu ce, akwai miƙaƙƙiya akwai lanƙwasasshiya da Word ke sakawa da kansa, ido ba ya rabewa amma bincike yana rabewa. Mu ɗaya daga cikinmu a waya yake rubutu ba ƙugiya, yana sa “kara” a wurin “ƙara”. Na bincika “ƙara” a babinsa na ga sifili, na ce madalla babu matsala, ashe sau goma sha ta fito.

In kuna son jadawalin ya riƙa tuna muku da kansa, OmegaT kyauta ce kuma tana buɗe fayil ɗin Word. Tana yanka rubutun jimla jimla, duk jimlar da ke ɗauke da kalmar da ke jadawali sai ta nuna fassarar a gefe. Jadawalin fayil ne na rubutu zalla a cikin folda `glossary`, gurbi uku da `Tab` a tsakani, a adana shi da `UTF-8` don ƙugiyoyi su tsira:

```
permesso di soggiorno	izinin zama	Questura; an ƙi: takardar zama
permesso	hutun awanni	babin aiki kawai
residenza	rajistar mazauni	Comune, anagrafe
```

Sabuwar kalma kuma `Ctrl+Shift+G` ake dannawa a ƙara ta ana cikin aiki. Sai dai tunatarwa take yi, ba ta hana mutum rubuta abin da ya ga dama.

Sarkin Gaggawa:
To babi bakwai da aka riga aka gama fa? Ko nan ma ba a danna komai?

Injiniyan Kalmomi:
Ana dannawa, amma don a gani, ba don a musanya ba. Kuma ta fuska biyu. Fuska ta farko, daga Italiyanci: a nemo duk inda kalmar ta fito a asali, a duba me aka sa. A nan guntun kalma ake nema, `residen`, don ya kamo `residenza`, `residenze`, `residente`, `residenti` gaba ɗaya. Fuska ta biyu ita mutane ke mantawa, kuma ita ce ta kama Maman Hanifa: daga Hausa a koma baya. A nemo “zama” a fassarar, a duba kalmomin Italiyanci nawa ne suka taru a ƙarƙashinta. Ta farko tana nuna abu ɗaya mai suna biyu, wannan kunya ce kawai. Ta biyu tana nuna abu biyu masu suna ɗaya, wannan shi ke aika mutum ofishin da ba nasa ba.

Mai Linux ko Mac, in ya adana babin a matsayin rubutu zalla a folda mai suna `hausa`, wannan zai ƙirga masa kowane suna sau nawa ya fito:

```
grep -rhoiE "izinin zama|iznin zama|takardar zama|katin zama" hausa/ | tr 'A-Z' 'a-z' | sort | uniq -c
```

A kan fayil ɗin Word kai tsaye ba zai ga komai ba, don a dunƙule yake. Cikin OmegaT kuwa `Ctrl+F` ya isa, yana nuna asali da fassara tare. A ɓangaren Hausa ma guntu za ki nema, “takard”, saboda takarda, takardar, takardu, takardun.

Maman Hanifa:
Na gwada ta biyun da hannu a daren nan. “Zama” ta fito sau 63 a babi bakwai. Na cire waɗanda aikatau ne, irin “ya zama dole”, saura 38. A ciki 24 `soggiorno` ne, 11 `residenza`, 2 `domicilio`, ɗaya kuma `permanenza` a maganar cibiyar da ake tsare mutane kafin a mayar da su gida. Wannan ɗayan ya fi ba ni tsoro, mun rubuta “wurin zama” kamar masauki ne.

Baba Tafinta:
CPR ke nan. Sunan Italiyancin kansa yana da laushi, amma wurin tsarewa ne, ba a fita. Ki rubuta “cibiyar tsarewa kafin mayarwa gida”, ki bar haruffan uku a gefe.

Lauyan Unguwa:
Ina bin ku a hankali. Tunda an shigo shari’a, ku sa `ricorso` a jadawalin, fassararsa “ɗaukaka ƙara”. Wannan a bayyane yake, kada a ɓata lokaci.

Baba Tafinta:
Ba a bayyane yake ba, Malam. A babin neman mafaka, wadda ke sauraron mutum da farko `Commissione territoriale` ce, kuma ba kotu ba ce, kwamitin gwamnati ne. In ta ƙi, `ricorso` shi ne karon farko da maganar ke zuwa gaban alƙali, a ƙa’ida cikin kwana 30, a wasu shari’un ƙasa da haka. Ɗaukaka ƙara a Hausa daga kotu zuwa kotun sama ne, shi ne `appello`, kuma a 2017 aka cire wannan matakin a shari’ar mafaka. In aka ba su suna ɗaya, duk jimlar da ke bayanin haka za ta ce akwai ɗaukaka ƙara kuma babu ɗaukaka ƙara. Ni “kai ƙara kotu kan ƙin amincewa” nake cewa.

Lauyan Unguwa:
To `ricorso per cassazione` fa, Baba? Shi ma `ricorso` ne, kuma kotun ƙoli ake zuwa daga ƙaramar kotu. Wannan in ba ɗaukaka ƙara ba ne, mene ne?

Baba Tafinta:
Ka kama ni. Wannan ɗaukaka ƙara ne zuwa kotun ƙoli, ba musu. Layi biyu ke nan, kamar `permesso`.

Lauyan Unguwa:
Kuma har yanzu ina ganin talaka “ɗaukaka ƙara” zai fi ganewa ko a na farkon. An yanke masa, bai yarda ba, ya kai gaba. Shi bai damu ko kwamiti ne ko kotu ba.

Yaron Zango:
Mu dai rikorso muke cewa.

Malama Binta BUK:
Kai dai komai ka ce haka kuke cewa! Amma Lauya, in littafin yana da jimlar da ta ambaci `appello`, dole a raba. Maman Hanifa ki bincika.

Maman Hanifa:
Sau ɗaya ya fito, a babin haya, kan shari’ar mai gida da ɗan haya. A babin mafaka babu. Don haka ban sani ba tukuna. Na sa layin, na rubuta shawarwarin biyu, na yi masa launin rawaya alamar ba a yanke ba. Babin mafaka na 11 ne, akwai sauran lokaci.

Injiniyan Kalmomi:
Launin rawayan ya yi, amma ki sa wanda zai yanke da ranar da za a yanke. Mu layukan rawaya shida suka bi mu har ranar miƙa aiki, kowa na jiran kowa. Mutum ɗaya ya riƙe haƙƙin canza layin da aka amince, sauran su kawo shawara a gurbin gefe. In an canza, a rubuta kwanan wata da babin da aka riga aka bi aka gyara, in ba haka ba babi na 2 zai tsaya a tsohon suna, na 12 ya tafi da sabo.

Baba Tafinta:
Kwanan watan yana da wani amfani. Italiya na canza sunayen abubuwan baƙi kamar riga. Tsarin masaukin da ake kira SPRAR ya koma SIPROIMI a 2018, ya koma SAI a 2020. Katin zaman dindindin da tsofaffi har yau ke ce wa `carta di soggiorno`, tun 2007 aka canza masa suna zuwa izinin masu dogon zama, ita kuma `carta di soggiorno` ta rage ga iyalan ’yan Tarayyar Turai. Littafin da mutane da yawa suka rubuta a shekaru daban, kina iya samun tsohon suna a wani babi, sabo a wani. Wannan ba naki ba ne ki gyara a ɓoye. Ki tara su ki aika wa masu littafin su ce wanne suke nufi.

Maman Hanifa:
Akwai kuwa. Babi na 3 ya ce SAI, na 7 ya ce SPRAR, mu kuma muka fassara su kamar tsari biyu. Na ƙara a jerin tambayoyin gobe, sun zama biyar. Na gaya wa abokan aikina a dakata zuwa Laraba. Ɗaya ya ɗan yi gunaguni wai “takardar zama” ɗinsa ta fi daɗin faɗi, na tura masa bayanin Baba na shekara 10, bai sake magana ba. Ɗan Damagaram, layi 52 ne zuwa yanzu, na turo maka ta akwatinka.

Ɗan Damagaram:
Na gani. Layi na 17, “unguwar zoma” daidai ne, haka muke cewa. Na 30 ne ban gane ba, kun sa “kati” a `tessera sanitaria`, kun kuma sa “kati” a `carta d'identità`, ga kuma izinin zaman shi ma kati ne a hannu. In aka ce wa mutum ya zo da katinsa, wanne zai ɗauko?

Maman Hanifa:
Wayyo. Bari in bincika “kati” ita ma daga baya zuwa gaba.